Ranar da ƙulli ya zurare

Makon jiya na bar shagon da na yi shekara huɗu ina ɗinkin duwatsu da sikwin, amma har yau rigar shifon ɗin nan ce ke fara faɗo mini a rai.

Doguwar riga ce marar nauyi, saura kwana uku a karɓa. Uwar ɗakinmu ta tsaya a kaina ta ce, "Ke, bar wannan ƙulle-ƙullen, ja zarenki ki wuce." Na ce, "To, Anti." Na jera duwatsu daga kafaɗa har ƙugu da dogon zare guda, ƙulli a farko, ƙulli a ƙarshe. Ranar gwaji zoben mai rigar ya saƙale a jeren. Zaren bai ko tsinke ba, ƙullin ne ya zurare ta cikin saƙar yadin, domin shifon ba shi da kaurin da zai riƙe ƙulli. Duwatsu suka watse a ƙasa muna kallo. Anti ta dubi matar ta ce, "Yi haƙuri Hajiya, sabuwar yarinya ce." Shekarata biyu a shagon a lokacin.

A daren na warware aikin na sake, kuma yadda na sake shi haka nake yi har gobe. Zare ba ya wuce santimita 45, sai na goga masa kakin zuma don kada ya harɗe. Na daina dogara da ƙulli. Ina farawa da ƙananan ɗinki uku a wuri guda, daidai inda dutsen farko zai rufe su. Sai in zura duwatsu uku, in soka allura ƙasa, in fito ta baya, in sake bi ta cikin biyun ƙarshe kafin in ƙara wasu. Duk santimita uku ina ɗaure zaren ta bayan yadi, ta yadda ko an fizge shi, 'yan ƙalilan ne za su faɗi. Gwajin ba wuya: ja dutse ɗaya da farce, in na kusa da shi sun biyo shi, aikin bai kamu ba.

Sikwin kuwa, ƙaramin dutse nake ɗora masa a tsakiya, allura ta koma ta ramin da ta fito, dutsen ya zame masa makari. Dogayen duwatsun gilashi bakinsu na yanka zare, don haka ina sa ƙarami a kowane gefe. Inda ado ya yi nauyi ina shimfiɗa siririn net a baya, in ba haka ba yadin zai saki. Jan zare da ƙarfi yana tattare shifon, kuma guga ba ta gyara shi.

Yanzu Anti da kanta take koya wa sabbin yara ɗaurin santimita uku. Tana cewa tun asali haka ake yi a shagonta.