Yadda muke yanke farashin takalmin fata a shagonmu

Wanda ya shigo shagonmu a Kano ya ɗaga takalmi haf-koba ya ji an ce dubu goma sha shida, yakan ajiye ya ce ai ya ga irinsa a bakin titi dubu takwas. Ba irinsa ya gani ba. Ya ga roba ce da aka yi wa fenti ta yi kama da fata, wadda kafin damina ta fita za ta fara saɓulewa a wurin da yatsu ke lanƙwasa. Namu fatar saniya ce da aka jeme, mun zaɓe ta da hannu a Ƙofar Wambai, kuma farashin da muka faɗa ba daga ka muka ciro shi ba. Zan bi lissafin takalmi ɗaya, dama da hagu, daga fata har zuwa kwali. Alƙaluman na misali ne, tunda kuɗin kaya ba ya zama wuri guda, amma hanyar ita ce dai kullum.

Da fata ake farawa, domin a nan yawancin masu sana'ar ke yaudarar kansu. Ana auna fata da murabba'in ƙafa. Saman haf-koba na babban mutum, dama da hagu, yana cin kamar ƙafa biyu idan ka auna abin da aka yanka kaɗai. Amma fata ba yadi ba ce da za ka shimfiɗa ka yanka daga farko har ƙarshe. Gefen ciki da hammata suna da taushi, suna miƙewa, idan ka yi goshin takalmi da su zai saki cikin wata biyu. Akwai tabon kaska, akwai shaidar wuta, akwai inda wuƙar mai fiɗa ta zarce ta bar wurin siriri. Mai yankan da ya san aikinsa yana ɗaga fatar ya duba bayanta, ya ja ta da hannu ya ga inda take miƙewa, sannan ya kewaye duk waɗannan. Abin da aka kewaye ɗin ma kuɗinka ne. Shi ya sa muke lissafa ƙafa biyu da rabi, ba biyu ba. A kan ₦1,600 kowace ƙafa, fata ta tashi ₦4,000.

Sauran kayan ba su da wuyar lissafi. Shafin ciki ₦900, sol mai kyau ₦2,200, gam da zare da ƙusa da man gogewa ₦700, kwali da leda ₦400, ladan masu yanka da ɗinki da haɗawa ₦1,800. Gam ɗin nan kada a yi masa kintace: a buɗe sabon gwangwani, a ƙirga takalma nawa ya haɗa kafin ya ƙare, a raba kuɗinsa a kansu. Idan an haɗa da fata, duka ya kama ₦10,000. Wannan shi ne abin da kowane takalmi ke ci da kansa, wanda in ba a ɗinka shi ba ba za a kashe ba.

Da yawa a nan suke tsayawa, su ce uwar kuɗi dubu goma ce. Amma shago yana cin kuɗi ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Hayar ₦360,000 a shekara tana nufin ₦30,000 duk wata, ko da sau ɗaya ake biya. Wuta da man janareta ₦60,000. Yaron shago da abincinsa ₦45,000. Kuɗin mota da dakon kaya ₦25,000, waya da data da talla ₦15,000, harajin ƙaramar hukuma da maigadi da shara ₦10,000. Sai abubuwa biyu da kusan kowa ke tsallakewa. Na farko injuna: keken ɗinkin fata da injin gurza sol, in ka saye su ₦900,000 kana sa ran su yi shekara biyar, to duk wata suna cinye ₦15,000, kuma in ba ka ware ba, ranar da suka mutu daga jarin fata za ka ciro. Na biyu ladan mai shagon kansa. In kana tsayawa a kan aiki daga safe zuwa magariba, ka rubuta wa kanka albashi, a ce ₦100,000, domin ladan aiki daban, ribar jari daban. Jimillar hidimar wata ta zama ₦300,000.

Yanzu sai a raba wannan a kan takalman da ake sayarwa a wata. Waɗanda ake sayarwa na ce, ba waɗanda ake iya ɗinkawa ba, domin takalmin da ke kan kanta bai biya haya ba. In matsakaicin cinikin wata 150 ne, kowane takalmi zai ɗauki ₦2,000, uwar kuɗi ta gaskiya ta zama ₦12,000. Hatsarin shi ne a yi wannan rabo da cinikin jajiberin Sallah. A watan da aka sayar da 250, kason kowane takalmi ₦1,200 ne kacal, sai mutum ya ga kamar yana da sarari ya rage farashi. Bayan Sallah kasuwa ta kwanta, ciniki ya sauko 100, kason ya haura zuwa ₦3,000. Abin da ya fi shi ne a haɗa cinikin wata goma sha biyu a raba, a yi aiki da matsakaicin.

Daga nan aka zo wurin da lissafi ke shige wa mutane duhu. Mutum zai ce yana son ribar kashi 25 cikin ɗari. Sai ya ɗauki ₦12,000, ya fitar da kwatarta, ₦3,000, ya ɗora, ya sayar ₦15,000. Wannan ɗori ne a kan uwa, abin da masu lissafin kuɗi ke kira makof. To amma a ƙarshen wata, in ya buɗe littafi, cinikin da ya shigo yake gani, kuma da shi zai auna. Dubu uku daga cikin dubu goma sha biyar ɗaya bisa biyar ne, kashi 20 ke nan, ba 25 ba. Wannan na biyun shi ne ribar cikin ciniki, wato majin. Kuɗin ribar ɗaya ne, dubu ukun nan dai, abin da aka auna ta da shi ne ya bambanta: ɗori da uwa ake auna shi, ribar ciniki da farashin sayarwa. Tunda farashi ya fi uwa yawa, kason ribar ciniki kullum yana ƙasa da na ɗori.

In abin da kake nufi shi ne a kowace naira ɗari da ta shigo aljihun shago naira 25 ta zama riba, to naira 75 ce ta rage wa uwa. Ke nan ₦12,000 ita ce kashi 75 na farashin da kake nema, kuma rabawa za ka yi, ba ɗorawa ba. A kalkuletar waya ka danna `12000 ÷ 0.75`, zai ba ka 16,000. Riba ₦4,000, kuma dubu huɗu daga dubu goma sha shida kwata ce cif. Tsakanin hanyoyin nan biyu akwai ₦1,000 a kowane takalmi. A kan takalma 150, ₦150,000 ke nan duk wata, rabin hidimar shago gaba ɗaya, ta tafi ba tare da kowa ya sace ta ba.

Akwai hanyar yi da ka, wadda maigidan da ya koya mana sana'a yake amfani da ita ba tare da biro ba. In kana son ɗaya bisa biyar na ciniki ya zama naka, ɗora ɗaya bisa huɗu na uwa. In ɗaya bisa huɗu kake so, ɗora ɗaya bisa uku. In ɗaya bisa uku, ɗora rabi. Wanda ya ninka kuɗin kaya biyu yana cewa ya ci riba ɗari bisa ɗari, a ciniki rabi ne nasa. Haka kuma in ana maganar kaso da abokin hulɗa ko mai ba da jari, a faɗi wace uwa ake nufi. Takalmin ₦16,000 ɗin nan, in kayan aiki da lada kawai aka cire, ₦6,000 ta rage, kashi 37.5. In an cire har da hidimar shago, kashi 25 ne. Rigimar da ke raba masu haɗin jari sau da yawa daga nan take tasowa, ɗaya yana faɗin wancan, ɗaya yana jin wannan.

Abin da ya sa na damu da bambancin nan shi ne taya. Duk ragin da mai saye ke nema, da la'adar dillali, daga farashin sayarwa ake cire su, ba daga uwa ba. Wanda ya ɗora kashi 25 ya sa ₦15,000, in mai sari ya zo ya ce, “Maigida, a cire mini kashi 20 tunda dozin uku zan ɗauka,” zai ga kamar saura kashi 5 a hannunsa. Babu ko sisi. Kashi 20 na ₦15,000 dubu uku ce, farashi ya dawo ₦12,000, ya yi aikin dozin uku a banza. Ko a kan ₦16,000, ragin kashi 10 da ake ganin ƙarami ne yana ɗauke ₦1,600 daga ribar ₦4,000, kusan rabinta. Mutanenmu kuwa ba sa saye sai sun taya, ko da sun san kayan sun kai. Wani zai murɗa takalmi, ya shinshina, ya tabbatar fata ce, sannan ya taya da kuɗin roba. Don haka in ka san za ka sauko da kashi 10 kuma kana son tsayawa a ₦16,000, nan ma rabawa ce: `16000 ÷ 0.9` ya ba da kusan ₦17,800. In ka ɗora kashi 10 ka ce ₦17,600, bayan ragi ₦15,840 za ka tarar.

Duk wanda ke tsayawa a kanta ya kamata ya riƙe lambobi uku. A ₦16,000 ake sallamawa. A ₦12,000 an fita ba riba ba faɗuwa, kuma yaron shago ba ya kusantar nan sai da izini. Tsakanin ₦10,000 da ₦12,000 sai takalmin da ya kwana a kanta, wanda lambarsa ba ta tafiya ko yayinsa ya wuce, domin ko ba komai ya rage wani abu daga haya. Ƙasa da ₦10,000 kuwa, kana ba mai saye fatarka kyauta. Masu kwaikwayon ƙirarmu da roba suna iya sayarwa dubu takwas su ci riba, tunda samansu bai kai dubu ɗaya ba, sol ɗinsu kuma gam kawai ke riƙe da shi, ba ɗinki. Mu da muke gurza sol da fata, mu shafa gam a fuska biyu, mu jira ya sha iska kafin a manna, sannan a bi da ɗinki, in muka bi su farashi sai dai mu bi su a aiki, kuma ba za mu yi ba.

Saura tashin kaya. A yi lissafi da kuɗin da za a sayi fata gobe, ba wanda aka saya wata biyu baya ba, domin da cinikin yau za a koma kasuwa. A ce ƙafar fata ta tashi daga ₦1,600 zuwa ₦2,000. Ƙafa biyu da rabi ta zama ₦5,000, uwa ta koma ₦13,000. Abin da hannu ke saurin yi shi ne ƙara dubu ɗayar kawai a ce ₦17,000. Ribar tana nan ₦4,000, amma kasonta ya sauko kusan 23.5, alhali jarin da ake juyawa ya ƙaru. In ana son riƙe kashi 25, `13000 ÷ 0.75` ya ba da 17,333, sai mu rubuta ₦17,400 a jikin kwali.