Muryoyin sun yi shiru, amma bai koma shago ba

Aikin jinya a sashen masu taɓin hankali a Kumasi ya koya mini cewa a cutar sikizofireniya, abin da ya fi tsorata dangi ba shi ne ya fi kassara mutum ba. Jin muryoyin da babu mai jin su sai shi da zargin ana bin sa da sharri su ke sa a kawo shi asibiti da gudu, kuma magunguna irin su halofiridol da olanzafin sukan kwantar da su cikin makonni. Sauran alamomin kuwa, mutuwar zuciya, ƙarancin magana, fuskar da ba ta motsi da gudun mutane, magani bai cika taɓa su ba.

Akwai wani saurayi tela daga unguwar Aboabo da muryoyinsa suka lafa, amma wata huɗu bai taka keke ba. Mahaifiyarsa ta ce mini, "'Yata, ai ya warke, lalaci ne kawai. Ko wanka sai na yi masa faɗa."

Na ce, "Hajiya, bari mu duba tukuna."

Mun fara da duba maganin da yake sha, domin halofiridol kan sandarar da jiki, ya kawo rawar hannu da jan ƙafa, har mutum ya yi kama da marar himma. Ba shi da ko ɗaya. Ciwon damuwa ma ba shi ba ne: mai damuwa yakan ce yana cikin ƙunci, yana zargin kansa, shi kuwa amsarsa kullum "ba komai". Niyyar fara abu ce cutar ta raunana.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne awo. Na faɗa masa tsawo 42, kafaɗa 18, hannu 24, na ce ya rubuta. Ya rubuta na farko ya tsaya, sauran sun zube. Ƙwaƙwalwarsa ba ta riƙe abu na ɗan lokaci, kuma jera aiki, daga awo zuwa yanka zuwa ɗinki, ya zame masa jidali. Irin wannan rauni yakan bayyana tun kafin muryoyi su fara, ya kuma zauna bayan sun tafi. Na ga masu sayar da kaya a kasuwar Kejetiya da ke jin murya jefi-jefi suna ba da canji daidai. Amma telan da awo ke kuɓuce masa zai ɓata wa mutane yadi, mai shago ya sallame shi.

Sai muka roƙi maigidansa ya karɓe shi awa biyu da safe, a ba shi aiki ɗaya tak, sa maɓalli ko kalmasa, a rubuta kowane awo a takarda. A gida kuma aka daina ce masa "tashi ka yi wani abu", aka koma "ga bokiti, ga sabulu". Har yanzu ba ya yanka da kansa, amma yana zuwa shago kwana huɗu a mako.