Me ya sa bidiyon 31,200 MB ya ƙi shiga filash mai 32 GB

Aikina a Tudun Wada, Kaduna, shi ne gyaran kwamfuta da tura wa mutane bidiyo da karatu a filash ko memori. A wannan sana'a lissafin da ya fi kowanne dawowa shi ne mayar da megabait zuwa gigabait, kuma shi ne ya fi haddasa rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa. Wani zai ce a raba da 1000, wani ya ce a raba da 1024, kowa kuma yana da hujjarsa. Abin da aiki ya koya mini shi ne, kafin ka raba da komai sai ka fara sanin wace na'ura ce ta ba ka lambar da ke hannunka.

Wani malamin Islamiyya ya zo shagona da laftof ɗinsa. Yana da bidiyon karatu guda 40 da aka ɗauka a makarantarsu, kowanne Windows na nuna shi a kan 780 MB ko kusa da haka. Malam ya riga ya yi lissafinsa a bayan wata takarda: 40 sau 780 ya ba shi 31,200 MB, ya raba da 1000 ya sami 31.2 GB, sai ya je kasuwa ya sayo filash mai 32 GB. Da ya zo turawa kwamfuta ta ce wuri bai isa ba. Ɗansa da ke karatun kwamfuta ya ce masa ai da 1024 ake rabawa. Suka sake lissafi suka sami 30.47, wanda ma ya fi na farko ƙanƙanta. Duk hanyar da suka bi amsar ba ta kai 32 ba, amma filash ya ƙi karɓa. Malam ya yanke hukuncin cewa jabu aka sayar masa, har yana shirin komawa wurin mai kayan.

Na ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni minti biyu kafin a koma kasuwa."

Na zaɓi fayilolin gaba ɗaya, na danna dama a linzami, na shiga Properties. A layin Size akwai lamba biyu. Ta farko 30.4 GB ce. Ta biyu, wadda ke cikin baka kuma yawancin mutane ba sa kallonta, ita ce adadin bait, kuma ta ɗan haura biliyan 32 da miliyan 700. Na nuna masa da yatsa. Sannan na ɗauko kwalin filash ɗin na juya bayansa, inda aka rubuta da ƙananan haruffa cewa 1 GB daidai yake da bait 1,000,000,000. Ke nan filash mai 32 GB, ko da an cika alkawari ba a rage ko ɗaya ba, bait biliyan 32 cif yake ɗauka. Kayan Malam sun fi shi da sama da bait miliyan 700, kusan girman bidiyo ɗaya.

Ga inda lissafin ya karkace. Megabait ɗin da Windows ke nunawa ba bait miliyan ɗaya ba ne, bait 1,048,576 ne, wato 1024 sau 1024. Idan ka ninka 31,200 da wannan za ka sami bait 32,715,571,200. Rabawar da ɗan Malam ya yi da 1024 daidai take, domin ta mayar da megabait na Windows zuwa gigabait na Windows. Matsalar ita ce an ɗauki wannan 30.47 an jera ta da 32 da ke jikin kwali, alhali ma'aunin ba ɗaya ba ne. Kamar ka auna masara da babban mudu ne, ka ce a zuba ta a buhun da aka ƙidaya da ƙaramin mudu. In ana son a kwatanta, dole a mayar da ɗaya zuwa ma'aunin ɗan'uwansa. Biliyan 32 a raba da 1,073,741,824 ya ba da 29.8. To yanzu 30.47 da 29.8 ake jerawa, kuma kowa ya ga wanda ya fi.

Malam ya tambaye ni, "To su waye suka kawo wannan 1024, alhali kilo a ko'ina dubu ne?"

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin yadda ake ƙera kwamfuta. Ƙwaƙwalwarta ana kiran kowane gurbi a cikinta da adireshi, adireshin kuwa da sifiri da ɗaya ake rubuta shi. Duk lamba ɗaya da aka ƙara a adireshin, yawan gurabe ya ninka biyu: 2, 4, 8, 16, har a ninki na goma a iso 1024. Da masu harkar suka ga 1024 ya yi kusa da dubu, sai suka ari kilo suka laƙaba masa. A lokacin da ake maganar 'yan kilobait bambancin kashi 2.4 ne cikin ɗari, ba wanda ya damu. Amma ratar tana hawa kan kanta a kowane mataki. A mega ta kusa kashi 5, a giga ta wuce kashi 7 kaɗan, a tera ta doshi kashi 10. Shi ya sa faifan ajiya mai 500 GB ke fitowa a Windows da 465 GB, mai 1 TB kuma ya fito da 931 GB. Kusan gigabait saba'in ne mutum zai ga kamar an sace masa, alhali ko bait ɗaya bai ɓace ba.

An yi ƙoƙarin raba gardamar tun tuni. A ƙarshen 1998 hukumar IEC, mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya, ta amince da wasu sunaye na daban domin ma'aunin 1024. A rubuce su ne KiB, MiB, GiB da TiB, aka bar kB, MB, GB da TB ga ma'aunin dubu. Da kowa ya bi, da Windows ta rubuta wa Malam 780 MiB, shi kuma ya san akwai abin dubawa. Amma Windows ta ci gaba da lissafi da 1024 tana rubuta MB da GB. Kamfanin Apple kuwa ya koma ma'aunin dubu a kwamfutocinsa tun 2009. Saboda haka bidiyon nan mai 780 MB a laftof ɗin Malam, in ka buɗe shi a Mac, kusan 818 MB za ka gani. Fayil ɗaya ne, bai ƙaru ba, bai ragu ba. A ganina laifin ruɗanin ya fi rataya a wuyan wanda ke auna da 1024 yana rubuta alamar dubu, domin mai ƙera filash aƙalla ya faɗi ma'auninsa a bayan kwali.

Mai amfani da Linux yana iya ganin abin da idonsa a fayil ɗaya:

```
ls -l karatu01.mp4
ls -lh karatu01.mp4
ls -l --si karatu01.mp4
```

Na farko yana ba da bait zalla, na biyu yana rabawa da 1024, na uku da 1000.

Da muka soka filash ɗin Malam a kwamfutata, wurin da ke ciki bai ma kai 29.8 ba, 29.2 GB ya nuna. Wannan raguwar ta biyu ba ta da alaƙa da lissafi. Tsarin fayil yana cin ɗan wuri domin ajiye jerin abin da ke ciki, masu ƙerawa kuma sukan keɓe wani ɓangare domin aikin cikin filash ɗin, shi ya sa biyu masu 32 GB daga kamfani daban-daban ba lallai su nuna lamba ɗaya ba. Tun da yanzu lambobin duka daga Windows suka fito, lissafi ya zama mai sauƙi. 29.2 sau 1024 ya ba da kusan 29,900 MB, a raba da 780, bidiyo 38 za su shiga, biyu su rage. Na ba shi zaɓi: ko ya canjo mai 64 GB, wanda zai fito da kusan 59.6, ko in matse bidiyon kaɗan. Ya zaɓi matsewa tun da muryar ce abin buƙata, hoton kuwa malami ne zaune gaban allo. Na bi da su ta manhajar matse bidiyo mai suna HandBrake, kowanne ya sauko ƙasa da 700 MB, duka arba'in suka shiga har da saura.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne yadda rashin sanin ma'auni ke sa a zargi mai gaskiya a kuma bar maƙaryaci. Filash na jabu yana nan a kasuwa, na sha ganinsa, amma ba ta ƙarancin lamba ake gane shi ba. Sau da yawa shi ne ma ke nuna lamba mai daɗin gani, domin an yi masa dabara ya riƙa faɗa wa kwamfuta girman da ba shi da shi. Zai karɓi duk abin da ka tura ba musu, sai ka zo buɗewa ka tarar wasu fayilolin sun lalace, bidiyo ya ƙi tashi ko sunaye sun koma wasu haruffa marasa ma'ana. Hanyar tabbatarwa ita ce a cika shi taf a sake karantawa, kuma akwai ƙaramar manhaja mai suna H2testw da ke yin haka a Windows, ko f3 a Linux. Ƙarancin kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a kan abin da aka rubuta a kwali, a matakin giga, abu ne da na saba gani a kaya masu kyau. In gwajin ya nuna mai 32 GB ya ƙare a 8 GB, nan ne ake komawa kasuwa.

Yanzu duk wanda ya kawo mini lamba a megabait ya ce in mayar masa gigabait, nakan fara tambayar inda ya gan ta. In daga Windows ta fito kuma da wata lambar Windows za a kwatanta, da 1024 nake rabawa. In daga kwali ce zuwa kwali, da 1000. In kuwa ɗaya daga nan take ɗaya daga can, ba na raba komai, sai in nemo bait na kowanne in jera su. Faifan DVD ma haka yake: 4.7 GB da ke jikinsa na ma'aunin dubu ne, a Windows kusan 4.38 yake, don haka bidiyon biki da Windows ke nunawa a 4.5 GB ba zai hau ba. RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, ita ce kawai nake bari yadda take, domin ita tun daga masana'anta da 1024 ake auna ta, kuma wadda aka rubuta wa 8 GB bait 8,589,934,592 ce.