Minti ɗayan da na yi gaggawar kashewa

Ƙannena masu koyon aikin saba, akwai ranar da za ku buga wannan umarni ku ga lambar da za ta tayar muku da hankali:

```
ss -tan state time-wait | wc -l
```

Umarnin yana ƙirga haɗuwar TCP da aka rufe amma suke zaman jira a matsayin da ake kira `TIME_WAIT`. Ni ranar da na buga shi, sama da dubu ashirin da takwas na gani. A lokacin ina kula da wata saba mai Linux wadda ke karɓar buƙatu daga wayoyin mutane, ta miƙa kowace buƙata ga wata saba ta baya. Da yamma idan jama'a suka yi yawa, sai manhajarmu ta fara kukan `Cannot assign requested address`. Nan take na yanke hukunci cewa `TIME_WAIT` ne mai laifi, na ɗaura ɗamarar kawar da shi ba tare da na tambayi abin da yake gadi ba.

Kafin na'ura biyu su yi magana ta TCP, sai sun yi musabaha. Mai kira ya aika `SYN` ɗauke da lambar da zai fara ƙirga bayanansa da ita, a ce 1000. Wanda aka kira ya mayar da `SYN-ACK`: ya ce na ji, ina jiran 1001, ga tawa lambar, a ce 5000. Sai mai kira ya rufe da `ACK` cewa yana jiran 5001. Wannan na ukun ba ƙawa ba ne. Wani tsohon `SYN` na iya maƙalewa a hanya ya iso bayan mai shi ya daɗe da tafiya, kuma saba ba ta da hanyar gane sabo ne ko tsoho sai ta amsa ta ga ko za a tabbatar mata da lambarta. Ku riƙe wannan batu na saƙon da ya makara, domin shi za mu sake tararwa a wajen sallama.

Sallamar ta fi gaisuwar tsawo, saboda kowane ɓangare da kansa yake rufe nasa bakin. Wanda ya fara gamawa ya aika `FIN`, ɗayan ya amsa da `ACK`. Ɗayan yana iya ci gaba da turo abin da ya rage masa, in ya gama ya aiko nasa `FIN`, na farkon ya amsa da `ACK` na ƙarshe. To wanda ya fara rufewar nan, shi ne ba ya tashi nan take. Yana zama a `TIME_WAIT` na tsawon ninki biyu na iyakar lokacin da ake ɗauka saƙo zai iya rayuwa a hanya. Takardar RFC 793 ta 1981 ta sa iyakar a minti biyu, jiran ya kama minti huɗu ke nan, amma Linux daƙiƙa 60 take jira.

Lissafin da ya kamata in yi tun farko ga shi. Ana gane kowace haɗuwa da abu huɗu: adireshina, lambar ƙofata, adireshin wancan, lambar ƙofarsa. Tsakanin sabata da ta baya uku ba sa canzawa, ƙofata kaɗai ke sauyawa, kuma Linux na zaɓo ta daga 32768 zuwa 60999, ƙofofi 28,232. Manhajarmu tana buɗe sabuwar haɗuwa a kan kowace buƙata, ita ce kuma ke fara rufewa, don haka kowace ƙofa sai ta yi minti ɗaya a tsare. Raba 28,232 da 60, za ka samu kusan 470 a daƙiƙa. Mu da yamma muna kai 500. Ƙofofi ne suka ƙare, shi ke nan.

Kuskurena na farko bai yi ɓarna ba. Na rage `net.ipv4.tcp_fin_timeout` daga 60 zuwa 10, ina zaton shi ke riƙe da jiran. Lambar ba ta motsa ba, domin wannan na `FIN_WAIT_2` ne, wani matsayi daban. Jiran `TIME_WAIT` a Linux an kafa shi ne a cikin kanel.

Na biyun ne ya cutar da mutane:

```
sysctl -w net.ipv4.tcp_tw_recycle=1
```

Lambar ta faɗi ƙasa warwas, kukan ya tsaya, na koma gida da murna. Washegari ƙorafi ya fara shigowa. Wani ya ce shafin ba ya buɗewa, na kusa da shi ya ce nasa lafiya lau, bayan minti biyu kuma su yi musanya. Kwana uku ina ɗora laifin a kan kamfanonin waya. Sai da na kunna `tcpdump` na zuba ido na ga abin da ke faruwa: `SYN` ya shigo, bayan daƙiƙa ɗaya ya sake shigowa, ya kuma sakewa, sabata ko uffan. Babu `SYN-ACK`, babu ma `RST`, saƙon da ke katse haɗuwa nan take. A `netstat -s` kuma layin `passive connections rejected because of time stamp` yana ta hawa.

Wannan saitin yana tuna tambarin lokaci na ƙarshe da ya gani daga kowane adireshi, ya watsar da duk `SYN` mai tambarin da ya gaza shi. Amma masu shiga ta layin waya da yawansu adireshi ɗaya suke fitowa da shi ta bayan NAT, kuma kowace waya da nata agogon. Wanda agogonsa ke baya sai a ɗauke shi tsohon saƙo. Mutane ne na gaske, da datar da suka saya da kuɗinsu, nake rufe wa ƙofa. Har yau abin yana damuna. An cire saitin gaba ɗaya daga Linux 4.12 a 2017, amma tsofaffin shawarwari na nan suna yawo da shi.

Daga baya na zauna na fahimci abin da jiran yake tsarewa. `ACK` na ƙarshe na iya ɓacewa. In ya ɓace, ɗayan yana zaune a `LAST_ACK`, zai sake turo `FIN`, kuma dole a samu mai amsa masa. In ka riga ka share haɗuwar, `RST` zai samu a maimakon amsa, ya ɗauka an katse shi ne. Babban dalilin kuma shi ne saƙon nan da ya makara. A ce ka rufe haɗuwa daga ƙofa 40000, ka sake buɗe wata da ita zuwa wuri ɗaya nan take, alhali wani guntun tsohuwar hira yana kan hanya. In lambarsa ta faɗa cikin abin da sabuwar ke jira, za a karɓe shi a matsayin bayanin gaskiya, ba kuma wanda zai sanar da kai. Jiran yana ba irin waɗannan lokaci su mutu kafin a sake amfani da abu huɗun. Shi ya sa ban yarda da dabarar sa `SO_LINGER` a sifili ba, wadda ke rufewa da `RST` don tsallake jiran. Tana iya zubar da bayanan da ba su gama fita ba.

Maganin da ya yi aiki a cikin manhaja yake. Na mayar da `tcp_tw_recycle` sifili, muka sa manhajar ta riƙe haɗuwa kaɗan a buɗe zuwa sabar baya, buƙatu suna bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Musabaha ta ragu, sallama ta ragu, ƙofofi suka wadata. Wanda ba shi da ikon taɓa manhaja yana iya duba `tcp_tw_reuse`, mai ba da damar sake amfani da ƙofar da ke `TIME_WAIT`, wanda haɗuwar da kai ka fara kira kawai yake shafa, ko ya ƙara wa sabar baya adireshi na biyu.

In kuwa `CLOSE_WAIT` kuka ga yana taruwa, kada ku jira agogo ya share shi, ba shi da wa'adi. Ma'anarsa ɗayan ya aiko `FIN`, kanel ta amsa, manhajarku ce ba ta kira `close()` ba. Ku buga `ss -tanp state close-wait`, zai nuna muku sunan manhajar da ke riƙe da su.