Harafin R a ma'aunin zafi: ku duba kafin ku lissafa

Ƙannena masu karatun kimiyya da injiniyanci, idan kun ci karo da harafin R a bayan adadin zafi, kada ku yi gaggawar ɗaukar kalkuleta. Ma'auni biyu ne suke amfani da wannan harafi, kuma ratar da ke tsakaninsu babba ce.

Na farko shi ne na Réaumur, masanin Faransa da ya fito da shi a 1730. Ya sa daskarewar ruwa a sifiri, tafasarsa a 80, inda Selshiyos ya sa 100. Saboda haka juya shi ba wuya: a ninka adadin da biyar a raba da huɗu. An daɗe ana aiki da shi a Faransa da Jamus da Rasha, har yau ma wasu masu cuku a Italiya da Suwizalan da shi suke auna zafin madara. A zanen da Charles Minard ya yi a 1869 kan janyewar sojojin Napoleon daga Rasha a 1812, sanyin ya kai 30 ƙasa da sifiri. Wanda ya ɗauka Selshiyos ne ya rage wa bala'in nauyi, domin da Réaumur aka rubuta, wato 37.5 ƙasa da sifiri a namu.

Na biyu kuwa na William Rankine ne, malamin injiniyanci a Jami'ar Glasgow, a 1859. Sifirinsa shi ne ƙurewar sanyi, kamar na Kelbin, amma girman kowane digiri irin na Faranhait ne. A kansa ruwa yana daskarewa a 491.67. Injiniyoyin Amurka ne suka fi riƙe shi.

A nan na yi tuntuɓe ina ɗalibi. Wani littafin Amurka ya ba da zafin iskar da ke cikin tanki a 540 °R, ni kuma Réaumur kaɗai na sani. Na ninka da biyar na raba da huɗu, na sami 675 °C, zafin da ya wuce na narkewar alminiyam, na ci gaba da lissafi ban ko tsaya na tambayi kaina ba. Daidai shi ne a raba 540 da 1.8, a sami Kelbin 300, a cire 273.15, sai ya rage 26.85 °C, zafin ɗaki kawai.

Tun daga nan abu biyu nake dubawa. Rankine ba ya sauka ƙasa da sifiri, kuma zafin yau da kullum a kansa yana kusa da 500, don haka in kun ga 18 °R a tsohon rahoton yanayi na Turai, Réaumur ne, 22.5 °C. Sai kuma asalin takardar: wace ƙasa, wace shekara, wace sana'a. Wasu marubutan sukan raba gardama da °Ré da °Ra, amma da yawa R kawai suke sawa.