Ranar da na sayar da inji a kan asara

Injin buga takardu da muka fara aiki da shi na saye shi 660,000 a watan Janairu. Na ƙiyasta zai yi mana shekara 5, kuma bayan nan ko ba komai za a iya sayar da shi 60,000. Abin da zai zaizaye ke nan 600,000, na raba shi gida 60, wato watannin shekara biyar, ya tashi 10,000 kowane wata. Wannan zaizayewar ita ake kira raguwar daraja.

Duk ƙarshen wata sai in rubuta debit 10,000, wato shigarwa a gefen hagu, a asusun kuɗin raguwar daraja, wanda ke shiga cikin kashe-kashen wata, sannan kiredit 10,000, wato shigarwa a gefen dama, a asusun tarin raguwar daraja, inda raguwar duk watannin ke taruwa. Asusun injin kansa ba na taɓa shi, yana nan a 660,000 ɗinsa. Ko sisi ba ya fita daga aljihu a wannan shigarwar, shi ya sa mutane da yawa ke ɗage ta sai ƙarshen shekara. Ni dai ban yarda da wannan ɗagewar ba, don inji yana cinyewa ne kullum ana aiki da shi, kuma ribar wata da ba a cire mata wannan ba, takan kumbura fiye da gaskiya.

A shekara ta uku injin ya fara ba mu wahala, bugu yana fita da layi-layi, muka sallama shi 280,000 a ƙarshen Yuni. Kafin in rubuta cinikin sai da na tabbatar na shigar da raguwar Yuni. Wata 30 ke nan, tarin ya kai 300,000, darajar injin a littafi ta koma 360,000. Mun karɓi 280,000, asara 80,000.

Shigarwar sayarwa layi huɗu ce. Debit banki 280,000, debit tarin raguwar daraja 300,000 domin a share shi, debit asarar sayar da kadara 80,000, sai kiredit asusun inji 660,000. Debit ɗin uku idan ka haɗa su 660,000 ne cif, daidai da kiredit.

Wanda ke jiran ƙarshen shekara a nan yake tuntuɓe. Tarinsa zai tsaya a 240,000 na shekara biyu, sai ya ga asarar 140,000. Wannan ƙarin 60,000 kuwa raguwar wata shida ce da ya kamata ta zauna cikin kuɗin gudanar da aiki. Jimillar ribar shekara ba za ta canza ba, amma zai ɗauka aikin yau da kullum ya fi riba fiye da yadda yake, cinikin kuma ya fi muni.

A watan Yuli na duba rajistar kadarori na soke layin injin, na kuma dakatar da 10,000 ɗin wata-wata. In ka manta da wannan, za ka ga tarin raguwar daraja yana ƙaruwa alhali asusun injin sifiri ne.