Na ba ta kwasata a adashi, na wayi gari ina zubin hannu biyu

Mu goma ne a adashin, zubi dubu 20 kowane ƙarshen wata, mai kwasa ta ɗauki dubu 200. Goggona, ƙanwar mahaifina, ita ce uwar adashi, sauran kuma 'yan'uwa ne da ƙawaye da muka daɗe tare. Mun yi zagaye uku lafiya lau, ba wadda aka taɓa bi gida neman zubi. Amfanin da na ci a waɗannan shekaru ba zan ɓoye shi ba. Kuɗin da in a hannuna suke sai sun zarare kaɗan-kaɗan, adashi ya tara mini su dunƙule, babu ruwa a kai, babu cike takardu. Kuma in wani ya zo neman rance na ce masa kuɗina suna cikin adashi, nan maganar ke mutuwa, ba ya jin haushina.

A zagaye na huɗu ɗaya daga cikinmu ta fita, hannu ɗaya ya zama babu mai shi. Ni na kawo ƙanwar mijina. Goggo ba ta san ta ba, sai ta tambaye ni a gaban kowa: "Ke kin tsaya mata?" Na ce na tsaya. Ko daƙiƙa ɗaya ban yi ina tunani ba, don a raina wannan tambaya al'adar baki ce kawai, irin wadda ake yi a wuce.

Aka yi ƙuri'a, na ci lamba 2, ita ta ci lamba 9. Da daddare ta kira ni. "Anti, don Allah ki taimaka mini mu yi musanya. Akwai kayan da nake son sarowa, in na jira wata tara sun wuce ni." Na riga na ƙudurta keken ɗinki zan saya da kwasata, amma na ga ai ba gudu keken zai yi ba. Na ce mata babu komai. Washegari na gaya wa Goggo. Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Sabon hannu ba ya kwasa da wuri, kin sani." Na ce ai ta gida ce. Ta buɗe littafinta ta soke sunana a layi na biyu, ta rubuta na yarinyar.

Har yau wannan musanya ce ke ci mini rai, saboda lissafin a fili yake, ni ce ban yi shi ba. Mai kwasa da wuri bashi ta ci, mai kwasa a ƙarshe ita ce ta ba da bashin, ko da ba wanda ke kiran abin da wannan suna. Ranar da ƙanwar mijina ta karɓi dubu 200, abin da ta zuba gaba ɗaya dubu 40 ne, na watan farko da na biyu. Sauran dubu 160 kuɗin mutane ne, za ta biya a zubi takwas masu zuwa, babu jingina, babu takarda, sai bakina da na sa. Da a lamba 9 ta zauna, ranar kwasarta saura zubi ɗaya tak a kanta, ko ta gudu dubu 20 ce asarar. Hannu ɗaya ne, mutum ɗaya ce, amma nauyin da na ɗauka ya ninka sau takwas saboda kawai ta matso daga layi na tara zuwa na biyu. Kuma ni na matso da ita da hannuna.

Wata na uku ta zuba a kan lokaci. Wata na huɗu sai da aka kwana tara, ta kawo rabi, bayan kwana uku ta cika. A nan ya kamata in farga. Yanzu na gane cewa mai shirin tsayawa ba ta tsayawa rana ɗaya. Jinkiri ke fara zuwa, sai zubi gutsi-gutsi, sai a kira ta ce tana hanya, sai wayar ta daina shiga a daidai ƙarshen wata. Jinkirin wadda ba ta kwasa ba tukuna ba ya tayar da hankali sosai, don kuɗinta na hannun uwar adashi, ana iya cirewa daga kwasarta. Wadda ta riga ta kwasa kuwa, babu abin da ke riƙe da ita sai kunya.

Wata na biyar ba ta kawo komai ba. Da na je na zaunar da ita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta fashe da kuka ta gaya mini gaskiya. Babu wasu kaya da ta saro. Tana cikin wasu adashin guda biyu, duk ta kwasa, ana bin ta zubi, sai ta shigo namu don ta samu abin toshe waɗancan. Kuɗinmu ko sati ba su yi a hannunta ba. Ban taɓa tambayar ta ko tana wani adashin ba, kuma ita ce tambayar farko da ya kamata in yi.

Mai kwasar wannan watan tana jiran kuɗin makarantar yaranta. Wasu suka ce a raba asarar, kowace mai kwasa daga yanzu ta karɓi dubu 180. Ban iya amincewa ba. Waɗanda suka rage su ne masu haƙurin jira, su ne suka yi ta zubawa ba su ga komai ba tukuna, ta yaya za a yanke musu saboda wadda ni na kawo? Goggo ta ce, "Ba wanda ya matsa miki, amma maganarki ce muka riƙe." Na karɓi hannun ƙanwar mijina. Daga wata na biyar zuwa na goma, zubi shida, dubu 120.

A nan ne kuskure na biyu ya fito, wanda ke kwance a kasafin kuɗina tun kafin ta shigo. Abin da ke shigo mini a wata kusan dubu 150 ne. Dubu 110 na abubuwan da ba makawa, dubu 20 zubi, dubu 20 kuma na abin da ka iya tasowa. A da zubinmu dubu 10 ne, ina ajiye wata dubu 10 a gefe. Da aka ƙara zubi sai na daina wannan ajiyar, na ce ai adashi ma ajiya ne. Ajiya ce, amma wadda ba ka da ikon taɓawa sai ranarka ta zo. Ciwo ba ya duba lambar da ka ci a ƙuri'a. Da zubi ya koma dubu 40, ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na abin da nake samu, ya cinye ragowar kakaf. A wata na bakwai ɗana ya kwanta asibiti. A lokacin na riga na zuba dubu 120 a hannuna ni kaɗai, amma ko ɗaya ba zan iya cirewa ba. Sai da na ci bashin dubu 50 a wajen yayana.

Da wata na tara ya zo, Goggo ta ƙirga mini dubu 200 ta miƙo. Na zauna a bakin gado na kasa su. Dubu 40 zubin wannan watan na hannu biyu, dubu 50 na yayana, dubu 40 na ware don wata na goma saboda kada in sake jin kunya. Abin da ya rage dubu 70. Keken kuma a cikin watanni bakwai ɗin nan ya ƙara kuɗi, ko da dubu 200 ɗin na nan cif sai na yi ciko. Wannan ma wani abu ne da mai jiran ƙarshe ke biya ba tare da an rubuta ba: adadin da za a ba ka bai canza ba, amma abin da zai iya saya ya ragu. Da na riƙe lamba 2, da keken na ɗakina tun wata na biyu, yana kawo abin da zan riƙa zubi da shi.

Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne rashin bakin magana. Da bare ce, da na kai ta inda za a ƙwatar mini haƙƙina. Amma ƙanwar miji ce, muna haɗuwa a kowace hidimar dangi, kowace kalma na faɗa sai ta koma kunnen surukata. Mijina ya ce zai biya, na san shi ma ba shi da su, kuma in ya biya daga kuɗin cefanen gidanmu za su fito. Mutane na cewa adashin dangi ya fi aminci saboda an san juna. Gaskiya ne ta fuskar cewa ba mai ɓacewa. Sai dai sanin junan nan shi ne ke ɗaure maka baki ranar da ake bukatar ka yi magana.

Ban bar adashi ba, kuma ba na shirin bari. Amma da za a fara zagaye na biyar na ce sai mun zauna tukuna. Sabon hannu yanzu a ukun ƙarshe yake kwasa, babu roƙo. Musanyar lamba ba ta yiwuwa tsakanin mutum biyu a waya, sai kowa ya ji ya yarda, don kuɗin kowa ne ke motsawa. Wanda zai tsaya wa wani, Goggo na faɗa masa adadin a fili, ta ce in wance ta tsaya bayan kwasa kaza ne zai hau kanki, kin ɗauka? Na lura tun da aka fara faɗin adadin, mutane sun rage saurin cewa na tsaya.

A nawa ɓangaren na koma rabin hannu, ni da wata 'yar'uwata muna haɗa dubu 10 kowa, mu raba kwasa. Na auna zubin da watan da na fi shan wuya a bara, ban auna shi da watan da na fi samu ba. Ranar da kuɗi suka shigo nake fitar da shi, tare da haya da sauran wajibai, kafin in taɓa komai. Dubu 10 ɗin da ta rage ta koma ajiyar gefe, kuma sai da na tara abin da ya kai zubi uku kafin hankalina ya kwanta. Kwasa kuma tun kafin ta zo na rubuta abin da za ta yi, domin kuɗi dunƙule in suka zo ba su da suna, cikin sati biyu sai ka neme su ka rasa, zubin kuma na nan yana jiran ka.

Ƙanwar mijina ta biya dubu 45 zuwa yanzu, a hankali, wani watan dubu 5, wani watan babu. Ina rubutawa a bayan littafin da nake lissafin gida. Saura dubu 75. Watan jiya ta aiko a tambaye ni ko akwai gurbi a zagayen da za mu fara. Na ce a gaya mata babu.